Na so goge hannun wani daga kafaɗar ango, sai ƙaramin mutum ya fito a wurin

Mai Hoto na Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Ina da hoton ɗaurin aure mai faɗin fiksal 3000 da tsawo 2000. Ango ya fito ras da farar shaddarsa, amma wani daga baya ya miƙo hannu da waya, ya rufe masa kafaɗar dama. Wannan hoton kuma shi suka zaɓa a yi wa firam. Na buɗe `Inpaint`, sashen da ke sake zana wurin da ka shafa wa fenti, a AUTOMATIC1111, manhajar zana hoto da AI, na shafa fenti a kan hannun da wayar, na zaɓi `Only masked`, sauran na bar su yadda na same su: `Mask blur` 4, `Denoising strength` 0.75, `Only masked padding, pixels` 32. Abin da na rubuta masa shi ne:

```
a man in a white robe, wedding photo
```

Sau shida ina gwadawa. Sau huɗu ƙaramin mutum ne ya fito a kan kafaɗar, da kansa da hularsa. Sau biyu wayar ta koma wani baƙin abu kamar walat. Duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, don Allah ya faɗa mana yadda ya fita.

Baban Hanifa: Wa'alaikumus salam. Oga, ni na daina taɓa `Only masked` saboda wannan ƙaramin mutumin. Ka koma `Whole picture`, modal ɗin, wato AI ɗin da ke yin zanen, zai ga hoton gaba ɗaya, ya san akwai ango a wurin, ba zai ƙara wani ba. Sannan ka ɗaga `Mask blur` zuwa 30 don kada bakin facin ya nuna. Haka nake yi kullum.

Anti Injiniya: Baban Hanifa ya faɗi gaskiya a kan dalilin, amma maganinsa zai ɓata wannan hoton. `Whole picture` yana matse hoton gaba ɗaya ya koma girman da ka sa a `Width` da `Height`. Idan 768 da 512 ne, fiksal 3000 ɗin nan sun koma 768, kuma a haka zai fito. Babu firam ɗin da za a yi da shi.

Malam Mai Hoto, bari in bi maka abin da ya faru. A `Only masked`, manhajar tana yanko ɗan yanki ne kewaye da fentinka, ta ƙara masa gefe gwargwadon lambar da ka sa a `Only masked padding, pixels`, ta mayar da shi girman da ka zaɓa, ta ba modal ɗin. Abin da ke wajen wannan yankin, modal ɗin bai san da shi ba. Mu ce fentinka faɗinsa 200 ne, tsawonsa 260. Da gefe 32 a kowane ɓangare ya zama 264 da 324, sai a faɗaɗa shi ya zama murabba'i mai kusan 324 idan ka sa 512 da 512. Me ke cikin wannan murabba'in? Hannu, waya, da ɗan farin yadi a baki-baki. Babu wuya, babu fuska. Kai kuma ka ce masa ya zana mutum mai farar riga. Ya duba bai ga mutum ba, sai ya zana maka shi a inda ka ba shi izini.

Ka sa gefen 128. Yankin zai zama 456 da 516, wato kusan 512 ɗin da modal ɗin ke aiki a kai, ba a ja shi ba, ba a matse ba. Wuyan ango da layin kafaɗarsa za su shigo. Kada ka ce bari in kai shi ƙarshe, 256, domin yankin zai kai 772, a matse shi zuwa 512, a sake buɗa shi, facin ya fito da laushi fiye da yadin da ke kewaye da shi. Kuma ka canza bayanin, ka rubuta abin da kake so a cikin facin kawai.

Mai Hoto na Fagge: Na gode Anti. Na sa 128, na rubuta:

```
white damask fabric, shoulder, soft folds
```

Ƙaramin mutumin ya tafi, alhamdulillah. Amma baƙin abin nan yana nan, yanzu ya zama kamar aljihu a kafaɗa.

Anti Injiniya: Duba `Masked content`. Na tabbata yana kan `original`. Ma'anarsa modal ɗin yana farawa ne daga hoton wayar, a zuba masa yayyafi irin na talabijin da ba ta kama tasha ba, sannan ya share yayyafin. `Denoising strength` shi ne yawan yayyafin. A 0.75 ƙananan abubuwa sun ɓace, amma babban tabo baƙi a tsakiyar fari bai ɓace ba, shi ya sa yake neman abin da zai mayar da shi, yau walat gobe aljihu. In gyara kake so, `original` ne. In cirewa kake so, ka zaɓi `fill`, wanda ke fara cike wurin da launukan da ke kewaye, ka kai ƙarfin, wato `Denoising strength`, 0.9 ko ma 1. Ka kuma shafe inuwar hannun da ta faɗi a kan rigar. Inuwa in ta rage, modal ɗin zai ƙirƙiro abin da ya yi ta.

Wane modal kake amfani da shi? Idan na yau da kullum ne, a ƙarfi 1 yakan zana abin da bai haɗu da gefe ba. `sd-v1-5-inpainting`, wanda RunwayML suka fitar a 2022, an horar da shi yana karɓar fentin da kuma hoton da ke kewaye a matsayin ƙarin bayani, don haka yana jan layin kafaɗa ya haɗa da ɗaya gefen.

Ummu Sudais: Afuwan in na shigo da wata magana. Wannan `Mask blur` ɗin shi ne ke sa bayan mutum ya yi dishi-dishi kamar hoton babbar kyamara? Ina sayar da atamfa, na kai shi 64 don bangon shagona ya dushe, ban ga komai ba.

Baban Hanifa: A'a Hajiya, ba ya dusar da hoto. Bakin fentin da kika shafa yake tausasawa, don sabon wurin ya narke cikin tsohon. Naki aikin manhajar gyaran hoto ta waya ma za ta yi shi.

Ɗan Damagaram: Ni a kan wannan 30 ɗin na `Mask blur` na sha wahala. Akwai wayar makirfo da ta ratsa gaban rigar wani malami a hoton walima, siririya ce, na bi ta da siririn fenti. Na sa 30 saboda wani ya ce haka ya fi. Na danna sau da yawa, wayar tana nan, ko motsi ba ta yi ba. Har na ɗauka manhajar ce ta lalace. Da na mayar 4 na kuma kauraro fentin, ta ɓace a gwaji na biyu.

Anti Injiniya: Abin da ya same ka yana da dalili. Tausasawar tana cin ciki kamar yadda take cin waje. Fenti siriri in aka tausasa shi da yawa, ko tsakiyarsa ba ta kai rabin ƙarfi ba. Manhajar kuma, lokacin da take gaya wa modal inda zai taɓa, eh ko a'a kawai ta sani: abin da ya haura rabi a taɓa, abin da bai kai ba a bari. Naka duk ya faɗa cikin a bari. Laushin yana aiki ne a ƙarshe, wajen liƙa facin a kan hoton asali. Shi ya sa in lambar ta yi yawa kuma fentin ya tsaya daf da bakin abin da ake cirewa, za ka ga fatalwarsa, kamar bakin yatsa yana leƙowa ta cikin yadi.

Amma 4 ma ba doka ba ce. Da fiksal ɗin hotonka na asali ake aunawa, 4 a hoto mai 512 abu ne, a hoto mai 3000 kuwa kusan wuƙa ce. A hoton Mai Hoto zan fara da 10 ko 12, in wuce bakin hannun da fenti da abin da ya ninka wannan.

Baban Hanifa: To na yarda 30 ba ta kowane wuri ba ce. Amma a kan bango ko sararin sama, inda fentin yake da faɗi, ban taɓa ganin ta cuce ni ba, kuma zan ci gaba da ita.

Malam Na Ƙofar Mata: Nawa daban ne. Hoton mahaifinmu ne, Allah ya ji ƙansa, baƙi da fari, ya karye daga goshi zuwa kunci. Shi kaɗai gare mu. A ƙarfi 0.5 karayar ta tafi, amma mutumin da ya fito ba Baba ba ne. Hancin ya sirance, tsagar da ke kuncinsa ta goge. Yayata tana gani ta ce wannan wane ne. Na sauko 0.3, fuskar ta dawo, karayar ma ta dawo. Abin da ya yi mini aiki shi ne na fara cike layin karayar da hannu, da launin fatar da ke kusa, sannan na shafa fenti a kan layin kaɗai, na ba shi 0.3. Sai dai ya ɗan yi ƙura-ƙura, ban san dalili ba.

Anti Injiniya: Allah ya gafarta masa, Malam. Hanyar da ka bi ita zan bi. Ƙurar wataƙila daga yawan matakai ne. Manhajar tana ninka `Sampling steps` da ƙarfin, don haka 20 a 0.3 kamar matakai 6 kawai aka yi. Ka kai shi 50, ka samu kusan 15. Tsagar kuwa kada fenti ya kusance ta ko kaɗan, modal ɗin tabo yake ɗaukarta.

Mai Hoto na Fagge: Ga inda na kwana. Na sauke `sd-v1-5-inpainting`, na sa `fill`, ƙarfi 0.95, gefe 128, laushin baki 12, na shafe har inuwar. Na fitar da guda takwas, na uku ya ba ni kafaɗa mai kyau da karyewar yadi daidai. Na mayar da wannan cikin `Inpaint`, na shafa bakin facin kawai, `original` a 0.35, gaɓar ta ɓace.

Abu biyu sun rage. Farin facin ya ɗan fi na shaddar yin shuɗi, ba a gani a waya, amma a takarda ina jin zai nuna. Na biyu, hannun ya rufe ƙarshen aikin wuyan rigar, kuma abin da modal ɗin ya zana a wurin ba irin ɗinkinmu ba ne, wasu furanni ne kawai.

Ɗan Damagaram: Na launin, akwai `Apply color correction to img2img results to match original colors` a cikin `Settings`. Ni ya taimake ni sau ɗaya, wani karon kuma ya sa duk facin ya yi toka-toka.

Anti Injiniya: Ni ban cika dogara da shi ba, na fi gyara launin da hannu daga baya. Aikin wuyan kuwa, babu lambar da za ta koya wa modal zanen da bai sani ba. In ɗaya kafaɗar tana da irin aikin, ka kwafo shi, ka juya, ka liƙa, sannan ka bi bakinsa a 0.25. In babu, ka nemi wani hoton angon na ranar.

Mai Hoto na Fagge: Aikin gefe ɗaya ne, a hagu ya fi yawa, ba su yi daidai ba. Ina da wasu hotunan na wajen kamu, amma ya canza riga. Zan tambayi abokan ango ko wani ya ɗauka da waya a masallaci.