Wa ya taɓa sayar wa banki takardar alkawarin biya kafin wa'adinta ya cika?

Mai Kayan Gini:
Assalamu alaikum jama'a. Wani abokin ciniki ya ɗauki kaya a wurina, ya rubuta min takardar alkawarin biya ta 600,000, da ruwa kashi 10 cikin ɗari a shekara, wa'adin kwana 120 daga 10 ga Afrilu. Kuɗi suka yi min wuya, sai na kai takardar banki ranar 25 ga Mayu. Suka ce za su saya, amma za su cire ragi kashi 12 cikin ɗari a shekara. Abin da ya shigo min 604,500 ne. Ban ce an cuce ni ba, so nake na gane yadda aka kai ga wannan adadi, don akwai wata takardar a hannuna da nake tunanin kai musu. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Dillalin Hatsi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Na sha yi, kuma lissafin bai da wuya. Takardarka za ta cika ranar 8 ga Agusta, ke nan saura kwana 75 ranar da ka kai ta. Kashi 12 na 600,000 a kwana 75 ya kama 15,000. Ni a nawa lissafin 585,000 ya kamata su ba ka, don haka ma sun yi maka alheri.

Tsohon Akawu:
Malam Dillali, ƙirgen kwanakinka daidai ne, kuma nan ne yawancin mutane ke tuntuɓe. Amma ina zaton takardun da ka saba kaiwa marasa ruwa ne. A irin waɗannan, abin da aka rubuta a fuskar takarda shi ne abin da za a biya ranar cikar wa'adi, don haka lissafinka yana tafiya. Ta Alhaji kuwa tana da ruwa, kuma wannan ya canja komai.

Na yi shekaru ina wannan aiki a teburi, ga yadda muke bi. Banki ba ya tambayar nawa aka ranta tun farko. Abin da ya dame shi, nawa zai karɓa ranar 8 ga Agusta. To ranar nan mai bashin zai biya uwar kuɗi da ruwan kwana 120 gaba ɗaya, kuma duk na banki ne tunda takardar ta koma hannunsa. Shi ya sa ake fara fitar da wannan jimilla, da shekara mai kwana 360 kamar yadda bankuna da yawa ke yi:

```
600,000 × 0.10 × 120/360 = 20,000
600,000 + 20,000 = 620,000
```

Wannan 620,000 shi ne abin da banki ke saye. Daga nan sai a duba kwana nawa bankin zai jira kuɗinsa. Daga 25 ga Mayu zuwa ƙarshen watan kwana 6, Yuni 30, Yuli 31, Agusta 8, duka 75. A kan waɗannan kwanaki yake cire nasa:

```
620,000 × 0.12 × 75/360 = 15,500
620,000 − 15,500 = 604,500
```

Ga kuɗinka nan daidai, Alhaji. Abin da nake roƙon kowa ya riƙe shi ne, lissafi biyu ne daban, kowanne da nasa kaso da nasa kwanaki. Kashi 10 yana tafiya da kwana 120 a kan 600,000. Kashi 12 yana tafiya da kwana 75 a kan 620,000. Da zarar ka haɗa kason wannan da kwanakin wancan, ka ɓata.

Mai Ɗinki:
Baba Akawu, ni abin da ya faru da ni ya ɗan bambanta. Lokacin da na kai tawa, ɗana ne ya yi min lissafi a gida, ya yi amfani da kwanakin da takardar ta yi a hannuna. Na je banki da adadin a rubuce, na tarar nasu ya gaza namu sosai, har muka yi ja-in-ja da ma'aikaciyar. Sai ta ce min, Hajiya, kwanakin da suka wuce naki ne, waɗanda suka rage su ne namu. A takardar Alhaji, da an bi irin lissafin ɗana da kwana 45, ragin zai zama 9,300, a yi zaton 610,700 za a samu. Bambancin ya haura dubu shida.

Ɗan Kasuwar Waya:
Ni ma na ci bashin banki bara, kashi 12, kuma wata-wata nake biya. Ban ga sun cire komai tun farko ba. Ko naku bankin daban ne?

Tsohon Akawu:
Ƙanena, naka rance ne na yau da kullum, an ba ka kuɗi cikakku, ruwan yana biyo baya. A nan takarda ake sayarwa, banki kuma yana ɗaukar rabonsa tun a bakin ƙofa. Amma tambayarka ta taɓo wani abu mai amfani, domin kashi 12 naka da kashi 12 na Alhaji ba ɗaya ba ne. Banki ya fitar da 604,500 ne kawai, ya ci 15,500 a kwana 75. In ka raba 15,500 da 604,500, ka mayar da shi na shekara, za ka samu kusan kashi 12.3. Ragi kullum ya fi ruwa mai lamba ɗaya da shi tsada, saboda ana lissafa shi a kan kuɗin da ba su shigo hannunka duka ba. Tazarar tana ƙara faɗi in kwanakin sun yi yawa ko kason ya yi girma.

Mai Kayan Gini:
Allah ya saka da alheri, Malam. Yanzu na gani. Amma da na zauna na duba, takardar ta yi kwana 45 a hannuna, ruwan kwanakin nan a kashi 10 ya kama 7,500, ni kuwa 4,500 na samu a kan uwar kuɗina. Wato kashi 6 a shekara na ci ke nan. Ashe 3,000 ne ainihin kuɗin gaggawar da na biya.

Mai Sayar da Magani:
Alhaji, ka gode Allah ka ci wani abu. Ni an taɓa yi min ragi mai tsada har abin da na karɓa bai kai uwar kuɗin ba. Ko a takardarka, da sun ce kashi 16, ragin zai kai wajen 20,667, ka karɓi 599,333, ƙasa da abin da ka ba da bashi.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona min rai ba. Da na sa hannu a bayan takardar, na ɗauka mun rabu da ita. Wa'adi ya cika, mutumin bai biya ba, sai ga wasiƙa daga banki suna neman jimillar duka daga wurina, uwar kuɗi da ruwa, har da kuɗin ɗawainiya. Sharaɗin yana cikin yarjejeniyar, cewa in mai bashi ya gaza za a dawo kaina. Don Allah kafin ka kai ta biyun, ka tambaye su a fili: in bai biya ba, wa za a kama? Akwai cinikin da banki ke ɗaukar hasarar da kansa, sai dai ragin ya fi tsada.

Dillalin Hatsi:
Na yarda da gyaran Malam Akawu. Sai dai batun kwana 360 bai kwanta min ba. Inda nake kai nawa da 365 suke rabawa. A takardar Alhaji ragin zai sauko zuwa wajen 15,288, ya tsira da kusan 212. Me ya sa mutum zai yarda a gajarta masa shekara?

Tsohon Akawu:
Duka biyun ana amfani da su, ya danganta da banki da abin da yarjejeniya ta ce. Gaskiya ne 360 a wajen ragi ya fi yi wa banki daɗi. Amma ka lura, in ruwan takardar ma da 365 aka lissafa, 20,000 ɗin zai ragu zuwa wajen 19,726, sai ribar da kake gani ta narke.

Mai Ɗinki:
Ni har yanzu ban gamsu cewa sayarwa ta fi ba. Da Alhaji ya ci ɗan gajeren rance na iya abin da yake buƙata, ya riƙe takardarsa har Agusta, anya bai fi masa sauƙi ba?

Mai Kayan Gini:
Hajiya, a lokacin kusan duka kuɗin nake buƙata, kuma rancen sai da jingina. Ta biyun dai kwana 30 ya rage mata, zan tambaye su kason ragin da sharaɗin komawa kaina, in kawo muku amsarsu mu lissafa tare.