Sanƙarau: abin da launi da siffar ƙwayar cuta suke nunawa a gilashi

Ɗalibar kiwon lafiya, Ringim: Assalamu alaikum. An kawo mana yaro ɗan shekara bakwai a watan Maris da zazzaɓi, sandarewar wuya da amai. Ruwan da aka ɗebo daga bayansa ya fito gurɓatacce, rinin Giram da ake bambance ƙwayoyin cuta da shi kuma ya nuna ƙwayoyi zagayayyu bibbiyu masu ruwan hoda. Malamai, waɗanda suka taɓa ganin irin wannan, wace ƙwaya kuka samu?

Jami'in lafiya, Gumel: Wa alaikumus salam. A lokacin zafi, ruwan hoda bibbiyu Naiseriya ce. Duk waɗanda na gani haka suka kasance, musamman idan akwai ƙananan ɗigon jini a fata waɗanda ba sa ɓacewa idan an danna.

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji, Haɗeja: Maganarka tana kan hanya, Malam, amma launi kaɗai ba ya yanke hukunci. Nimokokus ma bibbiyu take zuwa, kuma ko da yake asalinta shunayya ce, idan asiton da ake wanke rinin da shi ya wuce 'yan daƙiƙoƙi a kan gilashin, ko an riga an yi wa yaron allurar kashe ƙwayoyin cuta a kemis, takan saki launinta ta koma ruwan hoda. Saboda haka ni siffa nake bi. Naiseriya tana zama gefe da gefe kamar ƙwayar wake biyu da suka fuskanci juna, sau da yawa a cikin fararen ƙwayoyin jini, ita kuwa nimokokus a tsaye take haɗuwa, kowace da ɗan tsini yana kallon waje. Na taɓa duba gilashin wata yarinya mai sikila wadda kunnenta ya yi mako yana zubar da mugunya. Rabin ƙwayoyin ruwan hoda ne, rabi shunayya, amma dukkansu masu tsini, kuma da aka shuka su nimokokus ce ta tsiro. Malama, ki tambayi uwar yaron batun kunne, tari da sikila.

Ungozoma, Dambatta: Ni jaririya 'yar kwana shida na gani, aka ce sanduna ne masu ruwan hoda.

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji: Hajiya, jarirai nasu daban ne. Wannan ya fi kama da Ikolai; da sandunan shunayya ne sai a yi zargin Listeriya, wadda maganin seftiriyazon ba ya kashewa sai an haɗa da amfisilin.

Ɗalibar: Na koma na duba. Gefe da gefe suke, a cikin fararen ƙwayoyin, kuma kunnensa lafiya lau. Sai dai uwarsa ta ce an yi masa rigakafin sanƙarau.

Jami'in lafiya: Idan tsohuwar allurar ce, rukunin A na Naiseriya kawai take tsarewa, ɓarkewar 2017 kuwa rukunin C ne. Rinin Giram ba ya bambance rukuni, don haka a aika ruwan babban ɗakin gwaji, a kuma sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma. Shin an ga katin rigakafin da ido?