Fitilu 100 da tagar gilashi ɗaya

A wata tattaunawa kan yadda kwamfuta ke lissafa haske idan tana zana hoton 3D, an kwatanta salo biyu, forward da deferred. Masu tattaunawar sun ɗauki misalin ɗaki mai kaya 200 da fitilu 100. A tsohon salon forward, kowane abu sai an lissafa masa kowace fitila, haɗuwa 20,000 ke nan, har da ɓangarorin da wani abu zai rufe. Deferred kuwa yana fara ajiye launi, zurfi da fuskantar kowane ɗigon allo a wani ma'aji da ake kira G-buffer, sannan kowace fitila ta haska ɗigogin da ta kai kawai.

Amma gilashi ne ke tona wa deferred asiri. G-buffer fuska ɗaya yake riƙewa a kowane ɗigo, taga kuwa tana bukatar nata launin da na bayanta. Shawarar mafi yawansu: a gama kayan da ba a hango bayansu da deferred, sannan a zana gilashi da forward, daga nesa zuwa kusa.