Allon Mac ɗina ya zama kamar kasuwar Maigatari ranar Alhamis

Sakataren Manoma: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yayana ne ya bar min MacBook Air ɗinsa ƙirar 2017, da ita nake aikin ƙungiyarmu ta manoman riɗi a nan gefen Gumel. Matsalar ita ce allon ya cika maƙil. Takardun taki, hotunan rasit, jerin sunayen mambobi, wani kan wani, har hoton bangon ba ya ganuwa. Layin ƙasan nan da ake kira Dock shi ma ya cika da abubuwan da ban taɓa buɗewa ba, sun ƙanƙance kamar ƙwayar gero. Ta ina zan fara? Tsorona kar in goge abin mutane.

Autan Zaure: Wa alaikumus salam. Sakatare da Mac! Lallai riɗi ya yi kuɗi bana.

Sakataren Manoma: Kyauta ce Auta, batirin ma awa biyu yake yi.

Mai Caji: Ka share na ƙasan nan duka, su ne ke shanye maka batir. Kowanne ka gani a Dock aiki yake yi a ɓoye. Na allon kuma su ke sa ta nauyi.

Injiniya: Mai Caji, ba haka ba ne. Abin da ke Dock alama ce kawai, kamar lambar waya a jikin bango. Wanda ke aiki shi ne mai ɗan ɗigo a ƙarƙashinsa. Kuma a Mac jan maɓallin nan na kusurwa taga kawai yake rufewa a yawancin manhajoji, ita manhajar tana nan a kunne, sai ka danna Command+Q. Inda maganarka za ta yi gaskiya shi ne layin da ke saman allo: alamomin da manhajojin da aka saka daga baya suka jera kusa da agogo, waɗannan kam aiki suke yi.

Sakatare, fara da Dock don shi ne ba shi da haɗari. Kama alamar da ba ka so, ka ja ta sama can nesa, ka ɗan riƙe har ka ga an rubuta Remove, sai ka saki. Manhajar ba ta goge ba, tana nan a cikin Applications, ranar da ka neme ta Command da Space, ka rubuta sunanta. Finder da kwandon shara ne kawai ba sa fita. Ni shawarata ka bar abin da kake buɗewa kullum, guda shida ko bakwai, za ka ga da kansu sun ƙara girma.

Sakataren Manoma: Na cire wajen goma sha biyar, Injiniya. Amma akwai guda uku a gefen dama da suke dawowa.

Injiniya: Waɗanda ka buɗe kwanan nan ne. Taka ta 2017 ba ta wuce tsarin macOS na Monterey, don haka ka shiga System Preferences, sai Dock & Menu Bar, ka cire alamar da ke kan Show recent applications in Dock. Masu Ventura zuwa sama, wato daga 2022, a System Settings za su same shi ƙarƙashin Desktop & Dock. A wurin kuma akwai Position on screen. Allonka inci 13 ne, faɗi ya fi tsayi, in ka mayar da Dock hagu za ka ƙara ganin layuka biyu ko uku na jerin sunayenka.

Malama Uwar Biyu: A'a Injiniya, ni ban yarda da hagun nan ba. Na gwada sati guda, kullum hannuna ƙasa yake zuwa. Ɓoye shi nake yi da Option+Command+D, in na kai kibiya ƙasa ya leƙo.

Injiniya: Shi ma daidai ne Malama. Sai dai mai ɓoyewa ba ya ganin ɗigon nan, sai ya bar abu goma a kunne bai sani ba.

Malama Uwar Biyu: Wannan kuma halin mutum ne, ba laifin ɓoyewa ba.

Baban Ummi: Ku tsaya tukuna, kafin Sakatare ya taɓa fayil ko ɗaya a allon nan ya ji abin da ya same ni, don ni har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Bara ina haɗa sakamakon jarrabawar yara na zango na uku, komai a kan allo yake, aji shida. Ashe tun ranar da aka saita min kwamfutar na amsa wata tambaya ban karanta ba, na yarda a riƙa kwashe Desktop da Documents zuwa iCloud, ma'ajiyar Apple ta intanet. Ni dai na lura duk sanda na haɗa ta da wayata, datar wata guda sai ta ƙare a kwana huɗu. Na yi ta zargin yara da kallon bidiyo, har na yi wa Ummi faɗa a banza. Ashe bidiyon walimar ƙanena ne da na ajiye a allo, ya fi giga uku, yake ta ƙoƙarin hawa da ɗan sabis ɗin garinmu da sai ka hau tudun makaranta. Ga shi wurin da suke bayarwa kyauta giga 5 ne, sai saƙo yake ta fitowa wai ya kusa cika.

Da wani yaro ya nuna min inda abin yake, cikin fushi na cire alamar, aka yi min wani gargaɗi na danna na wuce. Wallahi ina ɗaga ido allo ya zama fili fetal, kamar an share gona bayan girbi. Ba sakamako, ba komai, ga shugaban makaranta yana jira jibi. Daren nan ban runtsa ba. Washegari na hau mota har Dutse, wani mai gyara ya buɗe Finder, ya danna iCloud Drive a gefen hagu, sai ga folda mai suna Desktop da kayana a ciki. Wasu da alamar gajimare a gefensu, wato ba sa cikin kwamfutar, sai da muka sauko da su da intanet ɗin shagonsa. Laifina ne, gargaɗin ya faɗa, ni ne ban karanta ba. Amma da na san haka da filashi na fara nema.

Autan Zaure: Allah sarki Ummi. An biya ta diyya?

Baban Ummi: Tsiren ɗari biyar, ta yafe.

Injiniya: Baban Ummi ya kawo abin da ya fi komai. Sakatare, duba naka: System Preferences, Apple ID, iCloud, sai Options da ke gaban iCloud Drive. In ka ga alama a kan Desktop & Documents Folders, kar ka cire yanzu. Fara kwafe komai a filashi, ka tabbata babu mai alamar gajimare a ciki.

Sakataren Manoma: Na duba, babu alama. Alhamdu lillahi. Amma da sunan Yaya aka shiga.

Injiniya: To wannan wata magana ce ta daban, ku zauna da shi. Yanzu allo. Taɓa fili da yatsa biyu, ka zaɓi Use Stacks. Tun Mojave ta 2018 ake da shi. Nan take zai tara hotuna dami guda, PDF dami guda, takardun lissafi dami guda, a gefen dama. Ba abin da ya motsa daga mazauninsa, in ka danna dami ya baje, ka sake dannawa ya tattaru.

Sakataren Manoma: Ikon Allah! Ashe hoton masallaci ne a bangon. Shekara guda ban gani ba.

Malama Uwar Biyu: Kar ka yi murna da yawa ɗan'uwa, tura shara ƙarƙashin gado ne. Rasit ɗin taki da hoton suna duk dami ɗaya za su shiga tunda duk hotuna ne. Kuma muddin yana kunne ba za ka iya ajiye abu a kusurwar da kake so ba. Ni foldoji uku na yi a Documents, na jawo su Dock kusa da kwandon shara, don can gefen ne kawai ke karɓar folda. Ka yi ta Mambobi, ta Taki da Iri, ta Rasit. A hankali dai wajen saki, kwandon na dab da wurin.

Injiniya: Gaskiyar Malama ce. Dami na ranar farko ne, don ka ga yawan abin da ke gabanka. Sakatare, wane dami ya fi yawa?

Sakataren Manoma: Screenshots. Guda 140. Alat ɗin kuɗin mambobi nake ɗauka.

Injiniya: To ga ɓarakar. In ba ka toshe ta ba, wata guda allon zai koma yadda yake. Danna Shift+Command+5, a ɗan layin da zai fito ka shiga Options, ƙarƙashin Save to ka zaɓi Other Location, ka nuna masa foldar Rasit. Daga yau can za su riƙa faɗawa. Tsofaffin 140 ɗin kuma ka kama damin gaba ɗaya ka jefa a foldar, ja ɗaya ne.

Ɗan Birni: Duk wannan wahala ce. Buɗe Terminal ka zuba wannan, allo ya yi fes:

```
defaults write com.apple.finder CreateDesktop false
killall Finder
```

Baban Ummi: Ɗan Birni ka ji tsoron Allah. Bayan labarin da na bayar?

Ɗan Birni: Ai ba ya goge komai Baba, ɓoyewa yake yi. Ka mayar da false ta koma true, su dawo.

Injiniya: Ba ya gogewa, amma bayan wata shida Sakatare ya manta ya yi, ya ajiye abu a Desktop bai gani ba, ya hau motar Dutse shi ma. Kwamfutar da ma'aji da shugaba ke taɓawa ba a yi mata haka.

Alhaji Mai Injin Niƙa: Ni tawa HP ce, layin ƙasan ya koma gefe da kansa tun da jikana ya taɓa. Na danna Command ɗin ban gan shi ba.

Autan Zaure: Alhaji ranka ya daɗe, motar Haɗeja ka shiga, mu Gumel za mu.

Mai Caji: Alhaji a aiko min da ita shago gobe, minti biyu ne.

Sakataren Manoma: Saura na sama. Akwai wasu alamomi huɗu da ban san su ba, kuma batir ba ya nuna kashi nawa ya rage, ga wutar sola sai rana ta take.

Injiniya: Kashin batir yana Dock & Menu Bar ɗin nan, gangara jerin hagu zuwa Battery ka sa alama a Show Percentage. Jera alamomi kuma, riƙe Command ka ja kowacce inda kake so, irin su Bluetooth in ka ja su ƙasa ma fita suke yi. Agogo dai ba ya matsawa. Huɗun da ba ka sani ba, danna kowacce ka ga sunanta, galibi akwai Quit a ƙasa. In sun dawo bayan ka sake kunna kwamfutar, suna cikin Users & Groups, Login Items. Turo hotonsu kafin ka cire, wata ƙila ta firinta ce.

Mai Caji: Ka ga dai maganata ta batir ta fito.

Injiniya: Rabinta.

Malama Uwar Biyu: Sakatare hagu ka sa ko ɓoyewa ka yi?

Sakataren Manoma: Yana ƙasa inda na same shi, Malama. Batir saura 9, hoton sai gobe in Allah ya kai mu.

Autan Zaure: Kafin ta mutu, nawa buhun riɗi ya tashi ranar Alhamis?