Iyafis ɗina na bulutut yana yankewa, sauti kuma yana makara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi sabon iyafis na bulutut, na kunna LDAC a wayata Android don an ce ya fi daɗin sauti. Da zarar na sa wayar a aljihun baya na fara tafiya, sai sautin ya dinga katsewa. In ina buga gem kuma, sai na harba kafin ƙarar ta iso kunnena. Jabu aka sayar min ne?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Netwok ne kawai. Ni ma in data ta yi rauni haka karatu ke tsaya min a YouTube.

Injiniya: Ɗan Auta, zai iya zama netwok, kuma gane hakan ba wuya. Malam, sauke wani sauti a wayarka, ka kunna Airplane mode, ka sake buɗe bulutut kaɗai, ka zaga da wayar a aljihu. In ya ci gaba da yankewa, data ta fita daga zargi.

Ni dai LDAC ɗin nan nake tuhuma. Bulutut ba ya kai sauti ɗanye, sai waya ta matse shi ta tura, iyafis ya warware. Tsarin matsewar shi ne kodek. SBC, wanda kowane iyafis ke da shi, yana tura kusan 328 kbps in ya ƙure. LDAC kuwa hawa uku gare shi: 330, 660 da 990. A 990 kaya ya ninka na SBC sau uku, hanyar kuma ba ta ƙara faɗi ba, wato zangon 2.4 GHz da Wi-Fi ma ke bi. Ga shi jikin mutum yawanci ruwa ne, yana shanye wannan siginar. Waya a aljihun baya, iyafis a kunne, gangar jikinka ce a tsakani. Abin da ya ɓace a hanya sai an sake turo shi, kuma a 990 ba sararin yin hakan, sai ajiyar da ke cikin iyafis ta ƙare ka ji shiru.

Shiga About phone, taɓa Build number sau 7, Developer options zai fito. Iyafis yana haɗe, nemi Bluetooth Audio LDAC Codec: Playback Quality, ka zaɓi na 660 ko Best Effort. In bai daina ba, sauka 330. Sai dai a wayoyi da yawa zaɓin yana gogewa in ka cire iyafis ka sake haɗawa, don haka in manhajar iyafis ɗin tana da zaɓin fifita ƙarfin haɗi, can ya fi zama.

Mai tambaya: Na gwada yanzu, Injiniya. Ba data ma yana yankewa. Na mayar 660, na zaga tsakar gida sau uku, sau ɗaya kawai ya ɗan katse. Amma ba zan yi asarar daɗin sautin ba?

Injiniya: Me kake saurare? In YouTube ne, sautin ya riga ya zo a matse, wajen 128 zuwa 160 kbps. LDAC ba zai dawo da abin da aka zubar tun can ba. Sai in fayil ɗin FLAC gare ka, wato sautin da ba a zubar da komai daga cikinsa ba, kana zaune wuri shiru waya a gabanka, nan 990 zai yi amfani. A kan titi kuwa ban yarda kunne zai bambance ba.

Hajiya: Ni iPhone gare ni, na duba ban ga wannan LDAC ba sam. Kuma nawa na kunnen hagu ne kawai ke ɗaukewa.

Injiniya: Hajiya, iPhone ba ya LDAC, AAC yake amfani da shi, don haka taki daban ce. Ki goge ƙarafunan caji na cikin akwatin, ki yi Forget This Device, ki sake haɗawa.

Malam Babba: Maganar gem fa, ƙanena, ka koma kodek ɗin aptX, makara za ta ƙare. Ni ina kallon bidiyo da shi, baki da murya daidai suke tafiya.

Injiniya: Allah ya ƙara girma Malam, bidiyo ba ya zama shaida a nan. Manhajar bidiyo tana jinkirta hoto don ya jira sauti, da SBC ma haka za ka gani. Gem ba zai iya jira ba, tunda yatsanka ne ke haddasa ƙarar. Bulutut na yau da kullum yana makara kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Wanda ke sauko da ita wajen 40 ms, wato kashi ɗaya cikin ashirin da biyar na daƙiƙa, shi ne aptX Low Latency, kuma sai waya da iyafis duka suna da shi, wayoyi kaɗan ne ke da shi. Mai tambaya ya duba ko iyafis ɗinsa yana da Game mode, yana rage ajiyar sauti, makara ta ragu, amma yankewa na iya ƙaruwa.

Malam Babba: To ni dai da na bar SBC na ji sauƙi har a gem. Ban auna ba, amma kunnena ya ji.

Mai tambaya: Na sami Game mode ɗin, ya ragu sosai amma da saura. In gasa ce zan sa mai igiya. Sau ɗayan nan da ya katse a 660 ne ban gane ba, wayar tana hannuna a lokacin.

Injiniya: Kusa da na'urar Wi-Fi kake a lokacin? Mayar da wayar kan Wi-Fi na 5 GHz in akwai, ka sake zagawa ka faɗa mana.