Don Allah me za mu kira firomoshin, rilegeshin da fileyof a dokar gasar ƙauyukanmu?

Sakataren gasa: Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta dokar gasar ƙauyukanmu na nan yankin Ringim da Hausa, saboda bara da Turanci muka buga ta, a takardar wata gasa muka kwafo, kuma rabin masu ƙungiyoyi ba su karanta ba sai da rigima ta tashi. Ga yadda muke. Da mu 8 ne, bana mun kai 22, tsofaffin 8 ɗin nan suna sama, sauran 14 suna ƙasa, kuma kwamiti na so baɗi na sama su zama 10. To na zo wajen firomoshin da rilegeshin da fileyof na tsaya cak. Na rubuta "faɗuwa" na goge, domin shekaran bara da muka gwada abin, na aika wa shugaban yaran bakin kasuwa cewa sun faɗi, bawan Allahn nan ya ɗauka korarsu aka yi daga gasar gaba ɗaya, ya tattara rigunan ya kulle a akwati, ba su yi rijista ba sai da muka bi shi har gida da ban haƙuri. Wallahi har yau abin na damuna, yara goma sha takwas suka kusa zama kaka guda ba ƙwallo saboda kalma ɗaya.

Auwalu mai caji: Firomoshin ai garaɓasa ce Sakatare, irin wadda kamfanin waya ke yi. In tallata gasar za ku yi ku samu mai lasifika ya zaga ranar kasuwar Gujungu, an gama.

Sakataren gasa: A'a Auwalu ba wannan ba, na ƙungiya ta tashi daga ƙasa ta koma cikin manya nake nufi.

Malam Habu ticha: Wa alaikumus salam. Ni ina ganin a fara da sunan gidajen kafin a zo ga shiga da fita. Kar a ce rukuni, domin kunnen mutane ya saba da rukuni a kofin duniya, inda rukunin A da na B duk daidai suke ba wanda ya fi wani. A ce aji. Babban aji da ƙaramin aji, ko wanda bai yi boko ba ya san wani aji na gaba da wani. Daga nan firomoshin ya zama ƙarin girma kamar yadda ake cewa a aikin gwamnati, rilegeshin kuma rage girma.

Koci Ɗanjuma: Allah ya gafarta Malam, aji ɗin ya zauna daram, amma rage girma ba zai shiga bakin yara ba, kuma yana kama da horo, kamar an kama mutum da laifi a ofis. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ba laifi ta yi ba, makinta ne bai kai ba. Pillars ma da kanta ta bar Firimiya a 2022 ta dawo a 2023. Ni abin da nake ji a bakin 'yan kallo shi ne "sun haura" da "sun gangara", kuma wanda ya gangara kowa ya san yana nan a ƙasa bai ɓace ba, zai iya sake haurowa. Na so in ce sauka, sai na tuna a garuruwanmu in ka ce yaro ya yi sauka to walima za a shirya.

Amma Sakatare kafin suna, 14 ɗin nan a tebur ɗaya za ka zuba su? Ka lissafa. Gida da waje kowace ƙungiya wasa 26 ke nan, jimla wasa 182. Mu kuma sai an gama girbi muke farawa, mu tsaya kafin ruwa ya sauka, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Afrilu sati 26 ne cif, ba ka cire azumi ba, ba ka cire sallah ba, ba ka cire ranar da aka yi rasuwa a gari aka ɗage wasa ba. Na sama su 8 wasa 14 kawai za su yi, su gama tun Fabrairu su zauna suna jiran na ƙasa kusan wata uku, kafin nan rabin 'yan wasansu sun tafi cirani. Raba ƙaramin aji gida biyu, 7 na wannan gefen kogi, 7 na ƙetare. Ƙungiya 7 gida da waje wasa 12 ne kowa, amma tunda 7 ba ta rabuwa biyu duk sati ƙungiya ɗaya ke hutu, sai ya ɗauki sati 14. Ka ga ya zo daidai da na babban aji, rana ɗaya za a fara rana ɗaya a gama. Ga sauƙin kuɗin a-kori-kura, ba mai tsallaka ruwa sai a ƙarshe. Waɗannan biyun kuma a kira su shiyya, ba aji ba, tunda ba wadda ke saman wata.

Sakataren gasa: Koci Allah ya saka da alheri, wannan sati 14 ɗin ban taɓa lura da shi ba. Na rubuta aji, shiyya, haurawa, gangarawa. To ƙungiya nawa za ta haura nawa za ta gangara?

Malam Habu ticha: Ka'ida ai yawan da ya gangara shi ke haurawa. A Firimiyar Najeriya ƙungiya 20 ce, 4 ke fita 4 su shigo. Sai ku yi biyu da biyu, zakaran kowace shiyya ya hau, na 7 da na 8 su gangara. Fileyof kuwa 'yan rediyo sun riga sun yi mana aikin, wasan cike gurbi suke cewa.

Koci Ɗanjuma: Malam wannan ka'idar ta ajin da ba ya so ya canja yawansa ce. Biyu da biyu baɗi ma 8 za ku tashi da su. Tunda 10 ake nema dole masu haurawa su fi masu gangarawa da biyu, a wannan kakar kaɗai. Na 8 ya gangara, saura 7. Zakarun shiyya biyu su haura, 9 ke nan. Saura kujera ɗaya, sai na biyun wannan gefe da na biyun ƙetare su kara, wanda ya ci ya zama na 10. Ƙasa kuma 14 an cire 3 an ƙara 1, 12 ke nan, shida shida. Wannan karon shi ne cike gurbi na gaskiya, domin akwai gurbi a buɗe ba kowa a kai.

Inda nake so a lura shi ne Turawa kalma ɗaya suke jibga wa wasanni kala kala. Akwai irin na Ingila, inda ƙungiyoyin aji na biyu da suka biyo bayan na ɗaya da na biyu ke fafatawa a junansu, a ƙare a Wembley, duk neman gurbi suke. Akwai kuma irin na Jamus, na 17 da na 18 su gangara kai tsaye, na 16 kuma ya kara da na 3 na ajin ƙasa gida da waje. A nan ba gurbi, akwai mai kujera zaune ana so a ture shi. Abin mamaki su Jamusawan wannan karon ne suke kira rilegeshin. To in su ma bakinsu bai haɗu ba me zai sa mu matsa wa kanmu sai kalma ɗaya? Na farko cike gurbi, na biyu ni dai karon kare kujera zan ce.

Ɗan Damagaram: Mu a can baraj muke ce ma duka biyun, daga Faransanci, kuma har tsoho ya gane. Ba dole sai an fassara komai ba ai.

Baba Ilu: Ɗana baraj a nan sai a ɗauka madatsar ruwa kake nufi. Ni na fi son raba gardama, kalmar da muka tashi da ita ce a fagen dambe da kokawa. Amma ni tawa damuwar daban. Ƙungiyar garinmu ce ta 7 bara, kuma bana ma ban ga alamar za mu wuce nan ba. A tsarin Koci mun tsira ba tare da mun buga komai ba ko? In haka ne na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Koci Ɗanjuma: Baba ranka ya daɗe, a lissafin da na yi kun tsira. Amma in ni ne kwamiti ba zan bar ku haka ba, ka yi haƙuri. In ɗaya tak ke gangarawa, da zarar wata ƙungiya ta nutse a ƙasan tebur tun sati na 9, sai na 5 da na 6 da na 7 su saki jiki, ba kofi ba tsoro, a nan ne ake fara ƙin zuwa wasan waje da sayar da wasa. Alamarsa ba ta ɓuya, za ka ga ana ta ba da maki uku a tebur saboda baƙi ba su zo ba. Maganinsa na 7 ya kare kujerarsa da wanda ya sha kashi a cike gurbi. Yawan ba ya canjawa, ko wa ya ci 10 ne a sama 12 a ƙasa. Raba gardama kuma yana da kyau Baba, sai dai ni zan ajiye shi don ranar da ƙungiya biyu suka yi kunnen doki a maki da ƙwallaye, wannan ita ce gardamar da ake rabawa.

Malam Habu ticha: Na karɓi gyara a lissafi. Amma ba a zalunci na 7 ba? Ya yi wasa 14 da manya, sannan a ce wasa ɗaya ya kore shi, wataƙila ma da fenariti.

Koci Ɗanjuma: Shi ya sa kare kujera a yi shi gida da waje, na biyun a filin mai kujera, wannan ce 'yar alfarmarsa. Cike gurbi kuwa wasa ɗaya a filin da ba na kowa ba, da alƙali daga wani gari. Kuma Sakatare ka rubuta da manyan baƙi cewa wanda bai buga wa ƙungiya aƙalla wasa 4 a kakar ba ba zai taka waɗannan wasannin ba. Na taɓa tsayawa a bakin fili na ga mota ta sauke samari biyar daga birni da takalma masu ƙusa sababbi fil, ko sunan garin da suke buga wa ba su iya faɗa daidai ba, yaranmu da suka sha rana wata uku suna zaune a benci suna kallo.

Sakataren gasa: Na sa wannan. Sai dai yanzun nan aka kira ni wai 'yan tasha ma suna so su shigo, ƙasa ta zama 15 ke nan, shiyya ɗaya 8 ɗaya 7.

Koci Ɗanjuma: Sati 14 ɗin bai motsa ba, 8 ma a sati 14 suke gamawa, sai dai baɗi ƙasa ta zama 13. Abin kiyayewa kar a taɓa gwada makin shiyya da na shiyya kai tsaye. Mai maki 28 a wasa 14 yana cin 2 a kowane wasa, mai 25 a wasa 12 ya ɗara 2 kaɗan, ka ga mai ƙaramin adadi shi ne gaba. Tsarin da muka yi ba ya ma buƙatar gwadawar, kowa matsayinsa a shiyyarsa ake dubawa.

Baba Ilu: Ni dai ban yarda da kare kujerar nan a bana ba. A fara shi baɗi, mu da muka kafa gasar nan da ƙwallo ɗaya mai faci a ba mu shekara guda. Sunan ma kujera ai ta 'yan siyasa ce, ƙungiya ba ta zama a kujera.

Sakataren gasa: Baba zan kai maganarka zaman ranar Juma'a bayan la'asar, kwamiti ne zai yanke ko bana ko baɗi, kuma dole a yanke kafin a busa wasan farko. Haurawa, gangarawa, aji, shiyya, cike gurbi da raba gardama na riga na sa su da biro. Kare kujera na bar shi da fensir, in wani yana da wanda ya fi shi ya kawo kafin Alhamis da dare, ranar zan kai takardar wajen mai bugawa.