Hoton bangon bidiyona yana ɓacewa a waya, ina matsalar take?

Mai tambaya, daga Makka: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina yi wa alhazai da masu Umara bidiyo da Hausa a YouTube. Na baya-bayan nan kan yadda ake shiga jirgin ƙasa na Haramain ne daga Makka zuwa Madina. A hoton bangon, wato wanda ake gani kafin a danna bidiyon, na sa Ka'aba, da hasumiyar agogo, da jirgin, da fuskata, na rubuta "Yadda Ake Shiga Jirgin Ƙasa Daga Makka Zuwa Madina Cikin Sauƙi" da ruwan gwal. A kwamfuta ya yi kyau ƙwarai. Da na nemo shi a wayar mahaifiyata, wallahi sai da na wuce shi sau biyu ban gane nawa ba ne. Me zan gyara?

Wani ɗan uwa daga Jidda: Wa alaikumus salam. Malam, kala ce matsalarka. Ruwan gwal ba ya ihu. Sa ja da ruwan ɗorawa, ka buɗe ido da baki a hoton, ka ja kibiya. Manyan tashoshi duk haka suke yi.

Mai aikin zane a shagon buga alluna, Madina: Ɗan uwa, kafin a zo kan kala bari mu yi awo, domin nan ne kuskuren ya faro. Ka zana hoton a fiksel 1280 da 720, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, kana kallonsa a babban allo. Amma faɗin fuskar waya bai wuce santimita shida da rabi zuwa bakwai ba, kuma a wuraren da ake jera bidiyoyi ƙanana, hoto a gefe suna a gefe, naka zai koma kamar santimita uku a faɗi. Tsayinsa ke nan wajen milimita 17.

Kalmominka goma sha ɗaya ne. Kafin su shiga tare da hotuna huɗu, ina kyautata zaton tsayin harafinka bai wuce fiksel 40 ba. Raba 40 da 720, ka ninka da 17: bai cika milimita ɗaya ba. Ƙwayar gero ta fi shi. Ka tuna su wa kake yi wa bidiyon: dattawa ne da yawansu, wasu tabarau na cikin jaka, suna tsaye a hasken ranar Makka. Idan ka kai harafin fiksel 120, zai zo kusa da milimita uku, a nan ne ido zai kama shi ba tare da an kanne ba. To harafi mai wannan girman ba zai bar maka wurin fiye da kalma uku ko huɗu ba, kuma alheri ne a gare ka, domin sunan bidiyon yana nan kusa da hoton, ya riga ya faɗi dogon bayanin. Ni da zan yi, MAKKA da MADINA kawai zan rubuta, fari mai kauri a kan duhu, kibiya a tsakani.

Abu na biyu shi ne wanda ya sa ka wuce naka. Rubuta "Makka zuwa Madina" a wurin nema ka duba da kanka: Ka'aba, hasumiyar agogo, koren ƙubba, rubutun gwal, sai a sake maimaitawa. Ka sa farin harami ka shiga cikin masu harami, ta yaya za a tsinto ka? Abin da ya bambanta bidiyonka jirgin ne. Ɗauki kansa daga kusa, ya cika rabin hoton, ɗaya rabin ka bar wa rubutu. Sauran ukun ka cire su. Na san cire Ka'aba zai yi maka nauyi a zuciya, ni ma haka nake ji, amma matse ta a kusurwa har ta koma ɗan ɗigo baƙi ba girmama ta ba ne.

Gwajin da nake yi kafin in miƙa wa mai aiki: in ɗauki hoton fuskar waya a shafin nema, in ɗora nawa a tsakiyar na mutane daidai girmansu, in rage hasken wayar, in miƙa wa wanda bai san aikin ba na daƙiƙa biyu, in karɓe. Sai in tambaye shi me ya gani. In ya ce "jirgi", an gama. In ya ce "wani rubutu ne dai", a koma.

Wata Hajiya daga Riyad: Ɗana, ni ina ganin intanet ne. Ni ma in sabis ya yi ƙasa bidiyo dishi-dishi yake fito mini. Ka canza layi ka gani.

Mai tambaya: Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Bidiyon lafiya lau yake tafiya, hoton da ake gani kafin a danna ne. Malam na Madina, saura kaɗan ka canka daidai, na duba, harafin 44 ne. Amma fuskata fa? An ce mini hoto mai fuska ya fi jan mutane.

Ɗalibi daga Omdurman, mazaunin Makka: Yaya, in ƙara abu biyu da suka same ni. Na taɓa sa farashi a kusurwar ƙasa ta dama, alamar tsawon bidiyo ta hau kansa ta rufe. Na mai da shi hagu, sai abokina ya nuna mini wayarsa da ke kan Larabci, can kuma alamar a hagu take. Tunda mutanenmu na nan wasu Larabci wasu Turanci, yanzu kusurwoyin ƙasa biyun duk a fili nake barinsu. Sannan ka duba Ƙ ɗin nan taka. Ba kowane salon rubutu ne yake da ƙ da ɗ da ɓ ba. In babu, manhajar takan aro siririn harafi daga wani salon, sai ka ga kalmar ta rame a wuri guda, ko akwati ya fito. In ma akwai, lanƙwasar ita ce farkon abin da ke ɓacewa in hoto ya ƙanƙance, jirgin ƙasa ya koma jirgin kasa.

Ɗan uwan Jidda: To ni dai ina nan kan bakana game da fuska. Tun da na fara sa tawa masu dannawa suka ƙaru.

Mai zane, Madina: Ban musa maka ba, kuma ka yi gaskiya cewa gwal a kan farin marmara ba ya fita, sai dai rashin bambanci tsakanin rubutu da bayansa ne ya jawo, ja ma a kan ruwan ƙasa haka zai yi. Fuska tana aiki in babba ce kuma an san mai ita. Tashar ka ta hira ce, kai ake zuwa gani. Wanda ya rubuta neman jirgi, jirgi idonsa yake farauta. Buɗe baki da zaro ido kuwa, a bidiyon da ya shafi ibada, ni ba zan ba da shawararsa ba.

Ba sai mun yi ta gardama ba. Mai tambaya, a YouTube Studio na kwamfuta akwai Test & Compare, kana iya sa hoto har uku, ya raba wa masu kallo. Sa ɗaya jirgi zalla, ɗaya jirgi da fuskarka babba. Ka sani dai da lokacin kallo yake auna wanda ya ci, ba yawan dannawa kaɗai ba, yana iya ɗaukar mako biyu, kuma in masu kallonka kaɗan ne zai iya ƙarewa bai fitar da gwani ba. Kada kuma ka gwada alƙaluman watan Ramadan da na bayan Sallah ka ce hoton ne ya canza su, masu neman ne suka canza.

Mai tambaya: Na sake shi da daddare: kan jirgin a dama, kalma biyu a sama ta hagu, fiksel 130. Na miƙa wa Umma wayar, ta ce "ga jirgin Madina nan" kafin in buɗe baki. Amma ta tambaye ni ina nake, wai ta saba da fuskata take gane bidiyona. Zan haɗa na biyun gobe in sa su a gwajin, in sha Allahu.